Yadda ake auna tsantsar dukiya a takarda ɗaya kafin a zuba jari

Ƙanena malamin makaranta ne a Katsina, yana kuma da ɗan shagon tireda a wajen Ƙofar Ƙaura wanda yaro ke tsare masa. Wata ranar Asabar ya same ni da maganar fili. An nuna masa wani a bayan gari, naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, kuma daidai wannan adadin ne ke kwance a asusunsa na ajiya. Ya ce, "Yaya, kuɗin nan zaune suke kawai, gara in sa su a ƙasa." Na ce masa kafin mu je ganin filin ya kawo littafin bashin shago da wayarsa, ni kuma zan kawo takarda da biro. Aikin da muka yi bai kai awa biyu ba, kuma shi zan bi da ku daki-daki. Farashin da za ku gani na lissafinsa ne a lokacin, kowa ya sa na ranar da yake yin nasa.

Mataki na farko: tsaga takarda biyu, ka sa kwanan wata

Ka sami littafi mai manyan shafuka, ka ja layi a tsakiya daga sama har ƙasa. Hagu na abin da ka mallaka ne, dama na abin da ake bin ka. In ka tara hagu ka cire dama, abin da ya rage shi ne tsantsar dukiyarka. Kwanan watan da za ka rubuta a sama yana da amfani, domin takardar ta rana ɗaya ce. Albashin da zai shigo ƙarshen wata ba ya shiga, haka ribar da kake sa rai daga masarar da ke gona. Abin da ke akwai yau kawai ake rubutawa.

Mataki na biyu: ware abin da ba naka ba

Nan ne muka fi daɗewa, kuma nan ne mutanenmu suka fi ruɗin kansu, saboda dukiyarmu a cuɗe take da ta dangi. Ƙanena ya fara da gidan mahaifinmu da ke cikin gari. Na ce ya goge. Gidan ba a raba shi ba, mahaifiyarmu na ciki, magada suna da yawa, kuma babu ranar da zai iya sayar da kasonsa ya biya wata bukata. Haƙƙinsa yana nan, sai dai ba shi da adadi tukuna, don haka muka rubuta shi a ƙasan shafi don tuni, ba tare da kuɗi a gabansa ba.

Awakin da ke gidansa ma na matarsa ne, haka firij da gadon da ta zo da su. Dukiyar mace tata ce, zaman gida ɗaya bai mayar da ita ta miji ba. In ita ma tana so, ta yi tata takardar daban. Sai kuma amana: ƙanwarmu da ke aure a Daura ta ajiye naira 250,000 a wurinsa, suna cikin asusun nan da yake kira kuɗinsa. Irin wannan kana iya fitar da shi daga lissafin gaba ɗaya, ko ka bar shi a hagu tunda yana cikin asusunka, ka kuma rubuta shi a dama a matsayin bashi. Na fi son ta biyun, don adadin da ke takarda ya yi daidai da wanda banki ke nunawa.

Mataki na uku: yi wa kowane abu kuɗin da za a saye shi yau

Ƙa'idar ɗaya ce: nawa za su shiga aljihunka in ka sayar da abin cikin wannan makon ko watan, bayan la'ada da kuɗin mota? Nawa ka saya bai shafi takardar ba, haka ma nawa kake fatan ya kai.

Ka kasa hagun gida uku tun daga farko, gwargwadon saurin da abu ke komawa kuɗi. Gida na farko kuɗi ne tsaba: asusun banki, asusun waya, da abin da ke cikin durowar shago. Wannan ba ya bukatar tunani, ka duba ka rubuta. Nasa ya kama 85,000 a asusun albashi, 1,200,000 a na ajiya, 40,000 a waya, 55,000 a durowa. Jimla 1,380,000.

Gida na biyu shi ne abin da zai sayu cikin wata guda. Kayan shago ana lissafa su da kuɗin sari, ba da kuɗin da aka rubuta a kanta ba, don ribar ba taka ba ce sai an saya. Ya ce kayansa sun kai 1,100,000. Da muka koma kuɗin sari, muka fitar da madarar da ta kusa lalacewa da wasu katan na lemo da suka shekara ba a taɓa ba, sai suka tsaya a 900,000. Hatsi kuma, wanda ya wuce cin gida kawai ake sawa. Yana da gero buhu goma, huɗu na tuwon gida ne har kaka, saboda haka shida muka rubuta a kan 60,000 kowane, 360,000 ke nan. Tumakinsa huɗu suna ƙauye wurin mai kiwo. Muka buga wa wani dillali da ke cin kasuwar Mai'aduwa waya, muka tambaye shi nawa zai saya, ba nawa zai sayar ba, domin tsakanin tambayoyin biyu akwai rata. Ya ce 70,000 kowace, muka sa 280,000. Babur ɗinsa muka yi masa kuɗin na hannu, 450,000.

Littafin bashin shago shi ya fi ba shi haushi. Jimlar abin da yake bin mutane 310,000 ne, ya so ya rubuta haka. Na sa ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya ya kasa su uku. Masu biya duk ƙarshen wata, yawanci ma'aikata, sun kama 120,000, muka sa su cif. Waɗanda suka wuce wata uku amma har yanzu suna gaisawa da shi suna kawo ɗan wani abu, 90,000, muka ɗauki rabi, 45,000. Ragowar 100,000 na waɗanda suka sauya hanya ne don kada su bi ta gaban shagon, da wani ɗan uwa da shi kansa ya san ba zai iya buɗe baki ya tambaya ba. Waɗannan sifili. Ba yafewa ya yi ba, sunayensu na nan a littafi, in sun biya sai ya zama ƙari. Bashin da yake bi ya dawo 165,000, gida na biyu gaba ɗaya ya tashi 2,155,000.

Gida na uku na dukiyar da ke kulle ne, wadda ba ta komawa kuɗi sai da jira ko sai an karya ta. Yana da fili ɗaya tun da daɗewa. Dillali ya taɓa ce masa zai yi miliyan uku, amma na maƙwabcinsa da aka sayar kwanan baya, mai girma ɗaya, bai kai haka ba, ga kuma la'ada. Muka sa 2,500,000. Farashin fili na gaskiya shi ne na cinikin da aka riga aka yi a kusa da shi, ba wanda ake yayatawa ba. In kuma takardar filin na da matsala, ko ana rigimar iyaka, ka ƙara ragewa. Sai asusun fansho, wanda saƙon kamfanin fanshonsa ya nuna 1,400,000. Nasa ne, amma ba zai iya ciro shi gobe don biyan bashi ba. Gida na uku ya zama 3,900,000.

Kujeru, talabijin, tufafi da waya, ban ba da shawarar a sa su ba. Suna kumbura lissafi, ba kuwa sayar da su za ka yi ba.

Mataki na huɗu: rubuta bashi, har wanda ba ka kira shi bashi

Bashin da kowa ke tunawa shi ne na takarda. Ƙanena ya ci bashin ƙungiyar ma'aikata ta wurin aikinsu, ana cire masa 40,000 duk wata, saura wata goma sha biyu. Abin da ake rubutawa shi ne ragowar, 480,000, ba adadin da ya karɓa tun farko ba. Dilan da ke ba shi kayan shago yana bin sa 420,000. Makarantar yara na bin cikon kuɗin wannan zangon, 70,000. Ga amanar ƙanwarmu, 250,000.

Wanda ya manta shi ne adashi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, don adashi yana iya faɗawa kowane ɓangare na takardar. Su goma ne, zubin 50,000 duk wata, kwasa 500,000. Kafin ka kwasa, duk abin da ka zuba dukiyarka ce da ke hannun uwar adashi, wurinta hagu. Ranar da ka kwasa lamarin ya juya: ka karɓi fiye da abin da ka zuba, saboda haka zubin da ya rage a kanka bashi ne. Shi ya kwasa a wata na uku, yanzu ya yi zubi huɗu, saura shida. Shida sau 50,000, wato 300,000 a dama. Da na rubuta sai ya ce, "Yaya, ai kwasata ce." Na ce kwasarka ce, amma 200,000 kaɗai ka zuba, sauran kuɗin mutum shida ne da ke jiran nasu layin.

Hayar shago ta shekara mai zuwa, 180,000, saura wata biyu a biya. Ba mu sa ta cikin bashi ba tunda lokacinta bai yi ba, amma mun rubuta ta a gefe, za ta yi amfani a gaba. Da ta shekarar da ta wuce ce bai biya ba, da ta shiga dama kai tsaye.

Ga yadda takardar ta tsaya:

| Abin da ya mallaka | Naira | Abin da ake bin sa | Naira |
|---|---|---|---|
| Kuɗi tsaba | 1,380,000 | Ƙungiyar ma'aikata | 480,000 |
| Masu sayuwa cikin wata | 2,155,000 | Dilan kaya | 420,000 |
| Masu kulle | 3,900,000 | Ragowar adashi | 300,000 |
| | | Amana | 250,000 |
| | | Kuɗin makaranta | 70,000 |
| Jimla | 7,435,000 | Jimla | 1,520,000 |

An cire 1,520,000 daga 7,435,000, saura 5,915,000. Tsantsar dukiyarsa ke nan a wannan ranar. Mai son yi a waya ko kwamfuta da Excel ko Google Sheets, in kuɗin hagu na layin B ne, na dama kuma na layin D, wannan ya ishe shi:

```
B20: =SUM(B2:B19)
D20: =SUM(D2:D19)
B22: =B20-D20
```

Akwai gwaji mai sauƙi na gane kuskure. Cin bashi ba ya ƙara tsantsar dukiya, biyan bashi da kuɗin da ke hannunka ba ya rage ta, domin ɓangarorin biyu tare suke hawa, tare suke sauka. In ka ga adadinka ya yi tsalle a watan da ka karɓi rance ko ka kwashi adashi, to ka manta da wani layi a dama. Haka in ka sayi tumaki da kuɗin asusu, ka tabbata ka rage asusun, kar ka ƙirga kuɗi ɗaya sau biyu.

Mataki na biyar: nemo nawa ne ainihin kuɗin jarin

Adadin 5,915,000 ya faranta masa rai, har ya ce to ai filin bai fi ƙarfinsa ba. Sai dai wannan adadin ba ya amsa tambayar da ya zo da ita. Ba da tsantsar dukiya ake sayen fili ba, da kuɗi tsaba ake saye, kuma kuɗi tsaban nan akwai masu jiransu.

Muka koma kan 1,380,000 muna cire abin da dole ya fita daga cikinsu cikin wata uku masu zuwa. Amanar ƙanwarmu 250,000, tana iya nema ko yaushe. Kuɗin makaranta 70,000. Hayar shago 180,000. Zubin adashi da cirar ƙungiya ba mu taɓa su a nan ba, tunda albashi ke ɗauke da su. A kan bashin dila muka ɗan ja. Ya ce cinikin shago zai biya, na ce in ciniki ya tafi duka wurin dila da me za a yi sabon sari? Muka duba littafin ciniki, muka ga shagon zai iya fitar da 200,000 kafin wa'adi ba tare da kanta ta bushe ba, sauran 220,000 sai dai daga asusu. Jimlar waɗannan huɗu 720,000, saura 660,000.

Daga nan sai kuɗin ko-ta-kwana. Gidansa na cin kimanin 130,000 a wata, abinci da man babur da magani da wuta. Na wata uku 390,000. Ga mai albashi da shago wata uku ya yi. Wanda noma kaɗai ya dogara da shi, ko sana'ar da ke tsayawa da damina, gara ya ware na wata shida. An cire 390,000 daga 660,000, abin da ya rage 270,000.

Wannan shi ne kuɗin da zai iya zubawa a wani abu ba tare da ya taɓa haƙƙin kowa ba. Ya zo da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a ransa, takarda ta nuna ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na hakan. Da muka bi asalin kuɗin asusun ma sai abin ya fito fili: 500,000 kwasar adashi ce, 250,000 amana, 450,000 kaɗai ya tara da kansa.

Mataki na shida: duba inda dukiyar ta yi nauyi

Yanzu ka raba kowane gida da jimlar hagu. Nasa, 3,900,000 cikin 7,435,000 a kulle suke, ya ɗan haura rabi. Da ya sayi fili na biyu, na kulle zai koma 5,100,000, sama da kashi biyu cikin uku, kuɗi tsaba kuma su sauko 180,000 alhali 720,000 na jiran biya. Tsantsar dukiyarsa ba za ta motsa ba ko da naira ɗaya a ranar cinikin, kuɗi ne kawai suka koma ƙasa. Abin da zai biyo baya an saba gani: dila ya matsa, sai a kai tumaki kasuwa a ranar da ba ta yi ba, a sayar da gero tun kafin ya yi tsada, ƙarshe a nemi mai sayen filin cikin gaggawa, shi kuwa mai saye yana gane wanda ya matsu.

Ban ce fili mugun jari ba ne. Ga wanda takardarsa ta nuna yawancin dukiyarsa kuɗi ne zaune a banki, ba shi da bashi, fili mai takarda ko hatsin ajiya na iya zama daidai, don naira ba ta jiran kowa. Maganar ita ce amsar tana sauyawa da takardar mutum. Mai dukiya a kulle ya nemi abin da ke juyawa. Wanda duk abin da ya mallaka na cikin shago ɗaya ya fitar da wani abu waje, ko da Sukuk ɗin gwamnatin tarayya ne, wato jarin da gwamnati ke karɓa daga jama'a bisa tsarin Musulunci, wanda aka fara fitarwa a 2017 kuma ake iya shiga da naira 10,000, ga mai gudun kuɗin ruwa. Wanda kuma damansa ta kusa kamo hagunsa, jarinsa na farko biyan bashi ne.

Ƙanena ya zaɓi ya biya dila gaba ɗaya daga asusu, wato ya ƙara 200,000 a kan 220,000 ɗin da muka ware, ya koma sari da kuɗi hannu. Dalilin na cikin rasit ɗinsa: katan ɗin da ake ba shi 10,500 a bashi, 10,000 ne ga mai biya nan take, kuma kayansa na juyawa kusan duk wata. Ragin 500 a kowace 10,000, wata bayan wata, riba ce da ya riga ya san adadinta. Ragowar 70,000 ya bar su a asusu.

Mataki na bakwai: maimaita, kuma kar naira ta yaudare ka

Takarda ɗaya tana nuna inda kake, sai an jera uku ko huɗu ake ganin inda ka dosa. Duk wata uku ya isa, a rana iri ɗaya, misali kwana biyu bayan albashi, da ƙa'idoji iri ɗaya. Kar ka riƙa ɗaga kuɗin fili duk lokacin da ka ji labari a majalisa. Sau ɗaya a shekara, in an yi sabon ciniki a kusa. Duk sanda adadin ya ƙaru, ka tambayi kanka daga ina: bashi ne ya ragu, ajiya ce ta ƙaru, ko kuwa farashi kawai ka sauya da biro? Biyun farko aikinka ne, na ukun kasuwa ce, tana iya karɓe abinta.

Sai batun hauhawar farashi. A Disambar 2024 hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a shekara, kamar yadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar a Janairun 2025. Wanda dukiyarsa ta ƙaru da kashi 20 a wannan shekarar, a takarda ya ci gaba, a kasuwa ya ja baya. Hanya mai sauƙi ita ce ka raba tsantsar dukiyarka da farashin wani abu da ka sani. Ta ƙanena, 5,915,000 a kan buhun gero na 60,000, buhu 98 ne da ɗoriya. Ya rubuta wannan a ƙasan shafi. Sai dai gero na da lokaci, yana araha da kaka yana tsada kafin sabo ya shigo, don haka kwatancen sai tsakanin wata ɗaya na bana da na baɗi, Nuwamba da Nuwamba. Wasu giram ɗin zinari suke amfani da shi, shi ma ya yi, muddin ba a sauya ma'auni a tsakiya ba.

Takardar tana rage wahala lokacin fitar da zakka, tunda kuɗi da kayan sayarwa da bashi duk suna jere. Amma tsantsar dukiya ba ita ce ake cire ɗaya cikin arba'in a kanta ba: babur ɗin hawa ba ya ciki, dabbobi da amfanin gona suna da nasu nisabin daban. Ka ɗauki takardar ka kai wa malami ya ware maka.

Bayan wata uku ƙanena ya sake zama, wannan karon shi kaɗai. Layin dila ya ɓace daga dama, adashi ya sauko 150,000, na ƙungiya 360,000, ƙanwarmu ta karɓi 100,000 daga amanarta don haka hagu da dama suka ragu tare. Mutum ɗaya daga cikin waɗanda muka ba sifili ya kawo 15,000. Ya aiko mini hoton shafin ta waya yana tambaya ko sabon ragon da ya saya don layya zai shiga hagu. Na ce masa a'a, wannan na yanka ne, ya bar shi tare da buhu huɗun tuwo.